Nawa Za a Goge Daga Zanenka Kafin Ya Zama Hoto?

Mai zane ya zauna ya fitar da fuskar zaure a takarda da fensir: ƙofa a tsakiya, zanko biyu a kusurwoyin sama, dagi a saman ƙofa, da dakali a gefen dama. Yana so mai gidan da za a gina wa ya ga abin kamar an riga an gina shi an ɗauki hotonsa da rana. Sai ya ɗauki zanen da waya, ya loda shi a manhajar ƙirar hoto ta kwamfuta, ya rubuta bayanin abin da yake so, ya danna. A karo na farko zanen fensir ɗinsa ne ya dawo masa, an ɗan gyara masa layuka. A karo na biyu ya sami hoto mai kyau ƙwarai, hasken rana na kwance a bango har kana ganin tsagar ƙasa, amma gidan ba nasa ba ne. Ƙofa ta koma gefe, dagi ya ɓace, zanko ya zama wata hasumiya da bai taɓa zanawa ba.

Abin da ya raba sakamakon nan biyu lamba ɗaya ce tak da ke tsakanin 0 da 1. A manhajar AUTOMATIC1111, wadda da yawa suke amfani da ita wajen tafiyar da Stable Diffusion, tana shafin img2img da sunan Denoising strength. A ComfyUI sunanta denoise, a cikin akwatin KSampler. Masu rubuta umarnin kwamfuta da diffusers kuma strength suka san ta. Mutane da dama suna ɗaukar ta a matsayin maɓallin ƙara kyau, wato idan ka murɗa sama hoto ya ƙara zama na gaske. Wannan fahimtar ce take ɓata musu lokaci. Aikin lambar shi ne ta faɗa wa na'ura yawan abin da za ta lalata daga zanenka kafin ta fara nata aikin.

Yadda na'urar ke aiki

Stable Diffusion ya fito a watan Agustan 2022, daga haɗin gwiwar rukunin bincike na CompVis da ke Jami'ar Ludwig Maximilian a birnin Munich, da kamfanonin Stability AI da Runway. An horar da shi ne da aiki ɗaya: a ɗauki hoto na gaske, a watsa masa ɗige-ɗige barkatai masu launi iri-iri har su dusashe shi, sannan a ce wa na'urar ta gano ɗige-ɗigen ta cire su. An yi mata haka da hotuna masu ɗimbin yawa da aka kwaso daga intanet, kowanne da bayaninsa a rubuce. Daga baya, idan aka miƙa mata ɗige-ɗige zalla babu hoto a ƙarƙashi, sai ta riƙa sharewa mataki-mataki, tana bin bayanin da aka rubuta mata, har hoto ya bayyana.

Idan kuwa da zane ka zo, ba daga ɗige-ɗige zalla za ta fara ba. Za ta ɗauki zanenka, ta watsa masa ɗige-ɗigen gwargwadon lambar da ka sa, sannan ta soma sharewa daga nan. A 0 ba a watsa komai ba, don haka babu abin sharewa, zanenka ne zai dawo maka. A 1 an binne shi kusan gaba ɗaya, na'urar na bin rubutaccen bayani ne kawai, sai dai wani lokaci a ga ɗan burbushin launin asali.

Duk wanda ya san hazon hunturu ya san sauran bayanin. Idan hazo ya fara sauka, rubutun allon shago na tsallaken titi ne yake fara ɓacewa, sai tagogi, sai ƙofofi. Ko da ya yi kauri sosai kana iya cewa ga gini can, ga bishiya, ga sama, domin manyan siffofi da bambancin haske da duhu su ne na ƙarshen tafiya. Haka ɗige-ɗigen nan suke yi wa zane. Siraran layuka su ne farkon mutuwa, manyan filayen launi kuma su ne masu taurin rai. Na'urar tana riƙe abin da ya tsira, abin da ya ɓace kuma ta cike gurbinsa da abin da ta saba gani a hotunan da aka horar da ita da su.

Wannan dabara ta girmi Stable Diffusion kansa. A 2021 wasu masu bincike daga jami'o'in Stanford da Carnegie Mellon, cikinsu har da Chenlin Meng da Stefano Ermon, suka bayyana ta a wani aiki da suka kira SDEdit. Sun nuna ƙarara cewa abu biyu ne ke jan juna: kamannin sakamako da abin da aka zana, da kamanninsa da hoton gaske. Idan ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka. A gwaje-gwajensu, wurin da abubuwan biyu suka fi zama lafiya ya faɗo tsakanin 0.3 da 0.6. Ma'aunin nasu bai zama daidai da na kowace manhajar yau ba, amma har yanzu a tsakiyar nan ne akan yi yawancin cinikin.

Akwai wani lissafi da ya kamata a sani domin yana bayyana wata matsala da ake yawan gani. A diffusers, da kuma AUTOMATIC1111 idan ba a taɓa saitinsa ba, lambar tana rage yawan matakan sharewar da za a yi. Idan ka sa Sampling steps a 30, ka sa Denoising strength a 0.6, kusan matakai 18 kawai za a yi, wato 30 sau 0.6. Idan ka sauko 0.2, matakai wajen shida ne. Shi ya sa a ƙananan lambobi hoto kan fito wani lokaci da dishi-dishi kamar ba a gama shi ba, kuma maganinsa shi ne a ƙara yawan matakan. ComfyUI ba ya yin haka, matakan da ka rubuta su zai yi duka.

Sai kuma tarkon da ya fi kama sababbin shiga. Wasu manhajojin a juye suke ƙirga abin. Inda ka ga an rubuta Image strength, kamar yadda DreamStudio na kamfanin Stability AI ya yi, ana nufin ƙarfin hotonka na asali ne. A can idan lamba ta hau, zanenka ne ke ƙara tsira. Image strength na kashi 35 cikin ɗari kusan daidai yake da Denoising strength na 0.65. Mutum zai karanta shawarar da aka bayar don wata manhaja, ya kai ta wata, ya sami kishiyar abin da yake nema. Kafin komai, gwada lambar a can ƙasa da can sama sau ɗai-ɗai, ka ga ta wane gefe zanenka yake dawowa ba canji.

Mu koma kan zauren

Matakin farko shi ne a hana komai motsi sai lambar da ake gwadawa. Ɗige-ɗigen da ake watsawa suna fitowa ne daga wata lamba da ake kira Seed. Idan aka bar ta a -1, kowane danni sabon yayyafi ne, ba za ka san ko canjin da ka gani daga lambarka ya zo ba ko daga sa'a. Don haka a rubuta mata kowace lamba, a bar ta a nan. A bar CFG Scale a 7 inda ya saba zama, matakai 30, bayani kuma guda ɗaya ba a sauya shi. Da yake waɗannan na'urori da Turanci aka fi horar da su, bayanin zai iya zama kamar haka:

```
photograph of a Hausa mud house entrance, relief wall decoration, wooden door, afternoon sunlight
```

A AUTOMATIC1111 akwai X/Y/Z plot a ƙarƙashin Script, wanda zai jera maka sakamakon lambobi da yawa a faifai ɗaya. A ba shi 0.3, 0.45, 0.6, 0.75 da 0.9.

Ga abin da akan gani idan zanen fensir ne a kan farar takarda. A 0.3 zane ne dai, layukan sun ɗan yi santsi. A 0.45 har yanzu zane ne, wataƙila da ɗan inuwa-inuwa. A 0.6 na'urar ta fara ƙoƙarin mai da shi hoto, amma bangon fari ne fat, sama fara, ƙasa fara, abin ya tsaya tsakanin zane da hoto bai zama ko ɗaya ba. A 0.75, wadda ita ce lambar da manhajar take zuwa da ita, launin ƙasa ya fara shigowa amma layukan dagi sun narke. A 0.9 ga hoto sosai, sai dai gidan wani ne.

Mutum zai yi ta kai da komo tsakanin 0.6 da 0.75 yana neman wurin da zai sami duka biyun, kuma a wannan zanen babu wurin. Dalili a fili yake idan aka tuna abin da ke tsira. Duk bayanin da mai zane ya zuba yana cikin siraran layuka ne, waɗanda su ne farkon ɓacewa. Abin da yake da taurin rai a takardar shi ne farinta, wanda kuma shi ne ba a so. Kafin a watsa ɗige-ɗigen da za su iya kashe farin takarda su ba jar ƙasa wuri, layukan sun daɗe da tafiya. A ganina wannan ne babban abin da ya kamata mai zane ya fahimta, domin yana nuna cewa gyaran a kan zanen za a yi shi, tun kafin a taɓa lambar.

Gyaran kuwa ba ya buƙatar gwaninta. A buɗe zanen a kowace manhajar fenti, ko Krita ko GIMP ko ta waya, a shafa launuka shafe-shafe. Bango jar ƙasa, sama shuɗi mai haske, ƙofa ruwan ƙasa mai duhu, filin gaban gida launin yashi. A sa inuwa mai duhu a ƙarƙashin dakali da gefe ɗaya na kowane zanko, domin inuwa ce ke gaya wa na'ura daga ina rana take da kuma abin da ya turo gaba. Dagin kuma kada a bar shi a siririn layi, a zana shi da kauri, da launin da ya bambanta da bango sosai. Ba kyau ake nema a nan ba. So ake a kwashe bayanin daga layuka a mayar da shi cikin manyan filayen launi, inda zai iya jure yayyafin.

Idan aka sake jera lambobin nan biyar da wannan zane mai launi, labari ya canza. A 0.3 fentin ne da ɗan laushi. A 0.45 bango ya fara nuna ƙwayar ƙasa, ƙofa ta fara nuna jijiyar katako, komai na inda aka ajiye shi, amma ido na ganin hannun mai fenti. Wajen 0.55 zuwa 0.65 akan sami abin da ake nema: haske na gaske, inuwa ta gaske, ƙofa a tsakiya, zanko biyu a inda suke. Daga 0.75 na'urar ta fara ƙarin gishiri, ta buɗe taga inda babu, ta sauya siffar dakali. Waɗannan lambobi na farawa ne kawai. Suna matsawa gwargwadon samfurin da ake amfani da shi da girman hoton, kuma a wannan yankin na tsakiya bambancin 0.05 yana iya zama bambancin dagi da babu dagi. Saboda haka idan jeri na farko ya nuna yankin, sai a sake jeri na biyu mai ƙananan taku, misali 0.5, 0.55, 0.6, 0.65.

Gaskiyar wa ake nufi?

Idan aka ce hoto ya yi kama da na gaske, abin da hakan ke nufi a wurin na'urar shi ne ya yi kama da hotunan da ta fi gani. Hotunan da aka horar da Stable Diffusion na farko da su sun fito ne daga tarin LAION, wanda aka kwaso daga intanet, inda gine-ginen Turai da Amurka suka yi wa na Kano da Zariya da Damagaram rinjaye nesa ba kusa ba. Don haka duk lokacin da ka ɗaga lambar, kana ba na'urar ƙarin fili ne ta cike da abin da ta sani, kuma ilminta a kan zanko da dagi kaɗan ne. Sai ta jawo abin da ya fi kusa a wurinta. Zaurenka ya karkata ya koma kamar ginin ƙasa na Maroko, ko ya fito da sandunan itace a bango irin na babban masallacin Djenné na ƙasar Mali, ko dagi ya zama wani ado na daban mai kama da shi daga nesa.

Wannan ya sa shawarar da ake bayarwa ta gama-gari ba ta wadatar da mu ba. Wanda ya zana motar tsere ko gidan katako na Turawa zai iya hawa 0.75 hankali kwance, domin abin da na'urar za ta cike masa da shi kusan abin da yake nufi ne. Wanda ya zana zaure, ko aikin aska takwas a babbar riga, ko zanen hula, dole ya tsaya ƙasa da haka, ya kuma ƙara aiki a nasa zanen. Ƙa'idar da nake bi ita ce: gwargwadon yadda abin da ka zana yake baƙo a wurin na'urar, gwargwadon yadda za ka rage lambar. Abin da ya fi damuna shi ne sakamakon da ya kauce yakan fi kyau a ido. Mai gida zai gan shi ya ce shi yake so, alhali ba shi aka zana ba, ba shi aka yi wa lissafin kuɗi ba, wataƙila ma magini ba zai iya fitar da shi da tubali ba.

Ana gane an sa lambar ƙasa da kima idan baƙin layin fensir yana nan zagaye da abubuwa, launi a shimfiɗe ba zurfi, bango sumul kamar roba. Ana gane an wuce kima idan ƙirga ta canza, wato zanko biyu sun zama uku, ko wani abu ya bar wurinsa, ko wani abin da ba a zana ba ya shigo. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a ɗora sakamakon a kan zanen asali a manhajar fenti, a rage kaurin na sama zuwa rabi, a duba ko gefen ƙofa da kan zanko sun hau kan juna. Ido shi kaɗai yana yafe kaucewa idan hoto ya yi kyau.

Idan lamba ɗaya ta kasa

Akwai hanyar bi a hankali. Maimakon tsalle ɗaya a 0.75, a yi zagaye na farko a wajen 0.5, a ɗauki sakamakon, a gyara da hannu duk inda ya kauce, a sake shigar da shi a wajen 0.35 ko 0.4. Zagaye na biyu yana farawa ne daga abin da ya riga ya yi rabin kama da hoto, don haka ɗan yayyafi ya ishe shi. Sai dai kada a yawaita. Kowane zagaye hoton yana bi ta matsewa da warwarewa, domin na'urar ba a kan hoton kai tsaye take aiki ba, tana matse mai faɗin 512 da tsawon 512 ne zuwa 64 da 64 kafin ta fara. Idan aka yi ta maimaitawa, launi yakan jirkice, ƙananan abubuwa su dagule. Wannan matsewar ce kuma ta sa ado ƙanana da rubutu suke lalacewa ko a ƙaramar lamba.

Ga wanda ba ya son rabuwa da layukansa, amsar ta zo a watan Fabrairun 2023, lokacin da Lvmin Zhang da Maneesh Agrawala na Jami'ar Stanford suka fitar da ControlNet. Bambancinsa shi ne zanen ba ya shiga ta ƙofar da ake watsa wa ɗige-ɗige. Ana riƙe shi a gefe, ana nuna wa na'urar shi a kowane mataki na sharewa. Akwai nau'in Scribble don zane na gaggawa, da Lineart da Canny don layuka masu tsabta. Da shi za ka iya kai Denoising strength 0.9 ko ma 1, farin takarda ya tafi, ƙofa da zanko su tsaya a kan layinsu.

Ja-in-jar dai ba ta ƙare ba, wuri ta sauya. Yanzu tana kan Control Weight, wanda yake farawa a 1. Idan ya yi yawa, na'urar takan bi har karkacewar hannu da kuskuren fensir, bango ya fito da baƙin layi a gefensa kamar an zagaye shi da biro. Idan ya yi kaɗan, an koma gidan jiya. Akwai kuma Ending Control Step, wanda ke cewa a wane mataki za a daina nuna zanen. Da yake manyan siffofi a matakan farko ake kafa su, ƙananan abubuwa kuma a na ƙarshe, sa shi a wajen 0.6 ko 0.7 yana barin zane ya kafa ginin, sannan a sakar wa na'urar mara ta yi ƙwayar bango da haske yadda ta iya.

A zaure irin namu, yawanci dagi ne kaɗai yake ƙin zama bayan komai ya zauna. Ba sai an sake dukan hoton saboda shi ba. A shafin Inpaint ana shafe wurin dagin kaɗai, sauran hoton ba a taɓa shi. A fara manna dagin da aka zana da hannu a kan bangon da ya riga ya fito, da launin bangon da 'yar inuwa a gefe ɗaya, a zaɓi original a ƙarƙashin Masked content don na'urar ta fara daga abin da aka manna, a zaɓi Only masked don ta faɗaɗa wurin ta yi aikinsa da cikakken girma. Lambar a nan ƙarama ake so, 0.3 zuwa 0.4, daidai wadda za ta haɗa dagin da ƙasar bango ba tare da ta warware saƙarsa ba. Sama da filin gaban gida kuwa, inda mai zane bai ajiye wani abin da yake tsoron rasawa ba, ana iya shafe su daban a ba su 0.8.